Na taƙaita lissafin magani da na ƙarin ruwa a shafi huɗu, ku karanta bayanin kafin ku buɗe

Hauwa'u Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan aji. Ga abin da na yi muku alkawari, na tura shi yanzu. Handawut ɗin Malama ne da abin da na rubuta a aji na matse su suka koma shafi huɗu. Don Allah kafin kowa ya buɗe ya karanta wannan, saboda idan kuka karanta shi kamar jarida to ɓata lokacinku kawai za ku yi.

Shafin farko canjin awo ne, daga g zuwa mg, daga mg zuwa mcg, daga lita zuwa ml. Na biyu lissafin ƙwaya da sirof da allura. Na uku ƙarin ruwa. Kowane shafi na raba shi biyu a tsaye, tambaya a hagu, aiki da amsa a dama. Ku buga shi a takarda ku ninke a kan layin, ɓangaren amsa ya koma baya. Ku yi tambayar da biro a wata takardar daban har ƙarshe, har da rubuta awon a gefen lambar, sannan ku juya. Wadda kuka faɗi ku zagaye lambarta, ku rubuta a gefe abin da ya kayar da ku: "na juya sama da ƙasa", ko "na manta mayar da awa zuwa minti". Wannan 'yar kalmar ta gefe ta fi komai amfani a takardar, kuma ba ni zan rubuta muku ita ba.

Saura kwana 12 tes. Ni yadda na tsara wa kaina: yau da gobe in gama shafi uku na farko, jibi in koma kan masu zagaye kaɗai, in bar su kwana uku in sake komawa. Shafi na huɗu kada ku taɓa shi sai saura kwana huɗu. Tambayoyi 15 ne a cakuɗe, ba kanun da zai gaya muku wane irin lissafi ne, kamar yadda za su zo a jarrabawa. Da agogo ake yin sa, minti 30. Wanda ya leƙa shi yau ya ƙona shi.

Shamsu Rigasa:
Allah ya biya ki Hauwa'u. To su waɗannan 15 ɗin na shafi na huɗu, su ne za su fito? Daga ina kika same su?

Hauwa'u Tudun Wada:
Shamsu rufa mini asiri. Ni na ƙirƙire su a kan tabarma a gidanmu, wasu kuma na canja lambobin misalan aji. Ba wanda ya ba ni komai.

Shamsu Rigasa:
Au. Na ɗauka abin ya zo da sauƙi.

Nura Kawo:
Na ga shafi na uku. Gaskiya kin wahalar da kanki da wannan doguwar hanyar. Ni a fostin aka koya mini: ka nemi ml nawa ne a awa ɗaya, ka raba da 3, shi ke nan ka samu ɗigo a minti. Lita ɗaya a awa 8, 125 ke nan a awa, raba da 3, kusan 42. Ba sai an yi ta ninkawa ba.

Anti Talatu:
Nura, amsarka daidai ce amma ka san daga ina ukun nan ta fito? Idan ba ka sani ba wata rana za ta kwance maka zani a kasuwa. Abin da Hauwa'u ta rubuta shi ne uwar lissafin:

```
ɗigo a minti = (ml × ɗigo a 1 ml) ÷ minti
```

Robar ƙarin ruwan da muka fi gani, ɗigo 20 ne ke cika 1 ml. Awa kuma minti 60 ce. 60 a raba da 20, uku. Ka ga ukun taka ta roba mai 20 ce kaɗai. Idan aka miƙo maka mai 15, irin wadda aka fi ƙarin jini da ita, da 4 za ka raba, kuma lita ɗayan nan a awa 8 za ta koma ɗigo 31. Ta yara mai 60 kuwa ba ka raba komai, ml nawa ne a awa, shi ne ɗigon a minti.

Yanzu ka ɗauka robar mai 15 ce a hannunka, kai kuma ka saita 42 bisa sabo. Ɗigon nata ya fi girma, don haka kusan 2.8 ml ke shiga a kowane minti, ledar da aka ce awa 8 za ta ƙare a kusan awa 6. A jikin saurayi mai ƙarfi wataƙila ba a ga komai ba. A jikin tsohuwa mai ciwon zuciya ko ƙoda, sai ka ga numfashi ya fara sama-sama. Shekara tara na yi a ƙaramin asibiti kafin in dawo karatu, abin da na fara koyo shi ne kada in yar da ledar robar sai na karanta lambar da ke jikinta.

Nura Kawo:
Na yarda Anti. Amma dai a tes gajeruwar ta fi sauri.

Hauwa'u Tudun Wada:
Shi ya sa na sa ta a ƙasan shafin da ƙananan rubutu, ban sa ta a sama ba. Malama tana ba da maki a kan aiki, ba amsa kaɗai ba. Ka yi doguwar a takardar amsa, ka duba kanka da gajeruwar a gefe. Idan suka saɓa ka san akwai inda ka zame. Kuma gajeruwar ba ta zo maka da sauƙi idan aka ce 100 ml a minti 40, gara ka koma wa uwar.

Ladi Barnawa:
Hauwa'u sannu da ƙoƙari, amma duba shafi na ɗaya tambaya ta 7. Kin ce 0.25 mg na digoksin daidai yake da 25 mcg. Ni 250 nake samu. Na yi sau uku, na ma zagaye ta a matsayin wadda na faɗi, sai na ga ba ni na faɗi ba.

Hauwa'u Tudun Wada:
Innalillahi. Ke ce daidai Ladi, 250 ne. Da 1000 ake ninkawa, ɗigon lissafi ya matsa gida uku, ni na matsar da shi gida biyu. Wallahi cikin dare na rubuta wannan shafin da fitilar waya. Duk wanda ya riga ya buga ya gyara da biro yanzu, kada ya ce sai anjima. Zan turo sabo, za ku ga "gyara na 2" a samansa, ku goge na farkon daga wayoyinku don kada ya ci gaba da yawo.

Yakubu Malali:
To kun ga abin da nake gudu ke nan. Ba raina aikinki nake ba Hauwa'u, amma da Ladi ba ta tsaya ta yi da hannunta ba, da mutum nawa ne za su haddace 25? Kuma ko babu kuskure, ni a ganina wanda ya taƙaita shi ne ya yi karatun. Ke kin zauna kin zaɓi abin da zai shiga da wanda za a bari, a nan ilmin ya zauna miki. Mu da muka karɓa a dafe, tuwon wani muke ci. Gara kowa ya yi nasa.

Hauwa'u Tudun Wada:
Rabin maganarka na yarda da ita. Da bayani na taƙaita, irin su alamomin cuta kaza guda goma, to gaskiya ni kaɗai zan amfana. Amma wannan ba abin haddacewa ba ne, tambayoyi ne, aikin yana gabanku ba a yi shi ba. Ladi ma ai ta hanyar da na faɗa ta kama ni: ta rufe amsa, ta yi nata, ta kwatanta. Wanda ya karanta daga hagu zuwa dama yana gyaɗa kai shi ne zai haɗiye 25.

Yakubu Malali:
Kuma su ne suka fi yawa a ajin nan, kin sani na sani.

Kyaftin Abba:
Yakubu a bar tone-tone. Wanda yake da lokacin yin nasa ya yi, ba a hana ba.

Maryam Unguwar Rimi:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa sai na bar su kwana uku? Ni idan na bar abu kwana uku ya tafi. Na fi son in karanta sau biyar a dare ɗaya in ji ya zauna.

Anti Talatu:
Ƙanwata, wannan jin "ya zauna" ɗin shi ne ke yaudararmu. Idonki ne ya saba da shafin, sai ki ɗauka kanki ne ya riƙe. Kin tuna Ebbinghaus da aka koya mana a darasin halayyar ɗan Adam, Bajamushen nan da ya wallafa gwajinsa a 1885? Abin da ya gani shi ne mantuwa ta fi gudu a farko-farko, daga baya ta lafa, kuma abin da aka sake koyo bayan tazara ba ya cin wahala irin ta farko. To kwana ukun nan dama so ake ki fara mantawa. Lokacin da kika zauna kina cizon biro kina cewa "wai sama ake sa 80 ɗin ko ƙasa", a nan ne ake ɗaure shi. Ki gwada da tambaya biyar kawai ki gani.

Maryam Unguwar Rimi:
Ai wannan ɗin ne ma ciwona Anti. Tambayar jentamaisin ta shafi na biyu, an rubuta 60 mg, kwalbar 80 mg ce a 2 ml. Na samu 2.7 ml. Hauwa'u ta ce 1.5. Kullum sai na juya su.

Anti Talatu:
Ajiye biron tukuna. Ki ɗauka kwalbar tana hannunki. Duk abin da ke cikinta 2 ml ne, kuma 80 mg ne. Likita 60 yake so. Zai shanye kwalbar ko zai rage?

Maryam Unguwar Rimi:
Zai rage.

Anti Talatu:
To amsarki dole ta gaza 2 ml, tun kafin ki taɓa kalkuleta. 2.7 na nufin kin fasa kwalba ta biyu don ki ba da abin da bai kai ɗaya ba. Rabin kwalba 40 mg ne a 1 ml, 60 yana tsakanin rabi da cikakkiya, don haka amsa tana tsakanin 1 da 2. Yanzu sai ki yi lissafin: abin da ake so a sama, abin da ke hannu a ƙasa, a ninka da ruwan da yake ciki.

```
60 ÷ 80 × 2 = 1.5 ml
```

Hauwa'u, da ni ce ke da na ƙara ɗan gurbi a gaban kowace tambaya inda mutum zai rubuta kintacensa kafin ya fara, ko da "ƙasa da 2" ne kawai. Haddar sama da ƙasa tana guduwa idan hankali ya tashi, amma hoton kwalbar ba ya guduwa.

Hauwa'u Tudun Wada:
Wannan kam zai shiga gyara na 2. Na gode Anti. Maryam ki gwada shi a kan ta farasitamol da ke biye: yaro mai kilo 12, 15 mg a kowane kilo, sirof ɗin 120 mg a 5 ml. Kada ki juya takardar, faɗa mana kintacenki a nan.

Maryam Unguwar Rimi:
12 sau 15, 180 mg. Ya fi 120, bai kai 240 ba. To ya wuce 5 ml bai kai 10 ba. Na yi, 7.5 ml.

Hauwa'u Tudun Wada:
Shi ne.

Nura Kawo:
Ni ta 9 ce ta kayar da ni a wannan shafin, kuma har yanzu ina ganin amsar takardar ce ba daidai ba. Yaro kilo 15, 30 mg a kilo, 450 mg ke nan. Sirof 125 mg a 5 ml. Na samu 18 ml, ke kin rubuta 6.

Ladi Barnawa:
Nura sake karanta tambayar a hankali. 30 mg a kilo a yini, a raba sau uku. 450 ɗin na yini ne gaba ɗaya. Kowane sha 150 mg, shi ne 6 ml. Kai ka ɗura wa yaron na safe da rana da dare a cokali ɗaya.

Nura Kawo:
Kai. Ban ga "a yini" ɗin ba sam.

Hauwa'u Tudun Wada:
Da gangan na jera ta bayan ta farasitamol, don waccan a kowane sha ce, wannan a yini, hannu yana zarcewa. Abin da za ka rubuta a gefen zagayenka ba "lissafi" ba ne, lissafinka lafiya lau yake. Ka rubuta "ban karanta ba". Idan ka ga wannan kalmar ta fito sau uku a takardarka, to maganinka ja layi a ƙarƙashin awo da lokaci kafin ka fara, ba ƙarin tambayoyi ba.

Bilkisu Badarawa:
Ku yi haƙuri in kawo nawa, ya ɗan fita daga takardar. Watan jiya ina aikin dare a ɗakin mata, aka ce in saita 500 ml a awa 4. Na duba robar mai 20 ce, na samu 42, na ƙirga a daƙiƙa 15 ina samun 10 zuwa 11, komai daidai. Awa uku ba ta cika ba na dawo na tarar leda ta kusa ƙarewa. Nas ɗin da ke kaina ta yi mini wankin babban bargo a gaban 'yan jinya. Har yau ban san inda na yi kuskure ba. Na sake lissafin ya fi sau goma.

Shamsu Rigasa:
Ƙila mai jinyar ce ta murza. Suna yi, wai don a gama da wuri.

Anti Talatu:
Yana faruwa, amma ba sai an murza ba. Bilkisu, a ina kanular take, kuma yaya hannun matar yake lokacin da kika saita?

Bilkisu Badarawa:
A gwiwar hannu. Tana zaune ta ɗan naɗe hannun a cinyarta. Da na dawo ta kwanta ta miƙe shi.

Anti Talatu:
To ga shi nan. Kin saita ne a kan hanyar da ta ɗan matse, sai kika buɗe abin murzawar sosai kafin ki samu 42. Da ta miƙe hannu hanya ta saki, ruwa ya kwararo. Haka idan aka ɗaga ledar sama ko mara lafiya ya sauko ƙasa, gudun yana ƙaruwa, tunda nauyin ruwan ne ke tura shi. Lissafinki bai yi laifi ba, komawar ce ba ki yi ba. Abin da nake yi, ina manna filasta a tsaye a jikin ledar in ja layi inda ruwan ya kamata ya kai a kowace awa. A naki 125 ml ne duk awa. Da kin leƙo bayan awa ɗaya kin ga ya wuce layi, da kin sake ƙirgawa tun da sauran gyara. Layukan jikin leda ba su cika daidai ba, amma sun isa su nuna miki an yi nisa. Idan kuma baya ya yi, kada ki buɗe shi don ya kamo, ki gaya wa na sama da ke.

Bilkisu Badarawa:
Allah ya saka Anti. Wata guda ina zargin kaina da jahilcin lissafi. Hauwa'u ki sa wannan a takardar mana.

Hauwa'u Tudun Wada:
Ina so, amma ina tsoro. Idan na sa wannan, gobe wani ya kawo na insulin, jibi na jini, sai mu koma handawut na biyu. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne abin da ba a iya tambaya a kansa da lamba ba ya shiga. Ki kwafe maganar Anti a bayan shafi na uku da hannunki.

Yakubu Malali:
Kin ga kin dawo kan maganata, kowa ya rubuta nasa.

Hauwa'u Tudun Wada:
A bayan nawa dai.

Ladi Barnawa:
Saura abu ɗaya da ya dame ni. A handawut, misalin Malama na ruwan gishiri da 15 ta yi shi. Ke a shafi na uku duk da 20 kika yi. Idan tambaya ta zo ba a faɗi lambar robar ba, wanne za mu ɗauka? Lita ɗaya a awa 8, ko 31 ko 42, ba ƙaramar tazara ba ce.

Nura Kawo:
20 mana. Ita ce a asibiti.

Maryam Unguwar Rimi:
Asibiti ne zai yi makin? Ni abin da ke handawut zan bi.

Anti Talatu:
Duka biyun akwai su, ya danganta da kamfanin da ya yi robar, shi ya sa littattafai suke saɓawa. Tambayar kirki ya kamata ta faɗa. Idan ba ta faɗa ba, ni zan rubuta a layin farko cewa na ɗauka robar mai ɗigo kaza ce, sannan in yi aikina a fili. Ko amsar ta saɓa da ta Malama, ta ga hanyar.

Yakubu Malali:
Wannan a tambayar rubutu ke nan Anti. Idan ta zaɓi-ɗaya ce, ga 31 ga 42 a jere, ina za ki rubuta?

Anti Talatu:
A nan kam sai dai a tambaye ta.

Hauwa'u Tudun Wada:
A gyara na 2 zan rubuta lambar robar a cikin kowace tambaya, wasu 15 wasu 20 wasu 60, don kada hannu ya saba da ɗaya. Amma wannan bai amsa tambayar Ladi ba. Kyaftin, kai ne mai lambar Malama.

Kyaftin Abba:
Na tura mata tun ɗazu da Ladi ta fara maganar, ba ta buɗe ba tukuna. Idan shiru ya yi yawa zan tare ta ranar Litinin bayan darasi. Masu son a buga musu kuma su turo suna kafin Magariba, zan biya ta Kasuwar Barci gobe da safe. Hauwa'u ki tabbatar sabon ya iso kafin nan, kada in buga mai 25 ɗin har kwafi arba'in.

Hauwa'u Tudun Wada:
Bayan Isha'i in sha Allahu, in an kawo wuta. Ladi, zan fara turo miki ke kaɗai ki bi amsoshin shafi na huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ladi Barnawa:
Ke nan ni na ƙona nawa shafin na huɗu.

Hauwa'u Tudun Wada:
Zan rubuta miki wasu biyar na daban, ladan aiki.